Daga Kano Zuwa Maiduguri: Taswirar da Ka Sauke ko Wadda ke Jiran Data?

Hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Maiduguri ta haura kilomita 550, kuma tana ratsa jihohi biyar: Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe da Borno. Wanda ya saba bin ta ya san halin wayarsa a kanta. A cikin gari sai ka ga 4G a saman allo, komai yana buɗewa nan take. Da ka bar gari ka shiga fili sai harafin ya koma H, can kuma ya koma E, wani lokaci ma ya ɓace ɗungurungum, ba zai dawo ba sai ka fara hango rufin kwanon gari na gaba. A irin wannan hanya ce direban da ya dogara da waya yake fuskantar zaɓi: ya sauke taswira ya ajiye a cikin wayarsa tun daga gida, ko ya bar manhajar da ke nuna cunkoso kai tsaye ta ja shi?

Mutane da yawa suna ɗaukar abin kamar kokawa ce tsakanin manhajoji biyu. Kafin a kai ga nan, ya kamata a fara sanin cewa abin da muke kira taswirar waya abubuwa uku ne aka haɗa wuri ɗaya, kuma kowanne da hanyar da yake bi ya iso gare ka.

Na farko shi ne sanin inda kake, wato shuɗin ɗigon nan da ke tafiya a kan allo. Wannan bai da alaƙa da data, bai ma buƙatar layin waya. Taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda Amurka ke gudanarwa, suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, suna ta watso saƙo dare da rana. Wayarka saurare kawai take yi, ba ta aika musu komai. Idan ta kama saƙon huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa inda take, kuma a fili inda babu abin da ya tare sama kuskurenta ba ya wuce 'yan mitoci. Yawancin wayoyin yanzu suna haɗawa da taurarin Rasha da na Turai da na Sin. Saboda haka a tsakiyar dajin da babu turken sadarwa ko ɗaya, wayarka ta san inda take sarai. Hasali ma fili irin na Yobe ya fi mata sauƙi a kan tsakiyar dogayen gine-gine.

Na biyu shi ne zanen taswirar kansa: tituna, sunayen garuruwa, kwanoni, gadoji. Shi ne yake ba shuɗin ɗigon ma'ana. Idan babu shi, za ka ga ɗigonka yana yawo a kan farin allo mai layuka, wayar ta san inda take amma ba ta da abin da za ta nuna maka. Wannan zanen ba ya sauyawa kowace rana, don haka ana iya sauke shi a ajiye.

Na uku shi ne labarin halin da hanya ke ciki a yanzu: inda motoci suka tsaya, inda aka yi hatsari, inda aka rufe. Shi kaɗai ne a cikin ukun ba ya ajiyuwa. Zanen taswira kamar kilishi yake, ka ƙulle shi a jaka ya yi maka watanni, labarin cunkoso kuwa kindirmo ne, in ya yini a rana ya tashi daga aiki.

Da zarar an raba su haka, tambayar ta sauya. Abin dubawa shi ne nawa ne darajar wannan kashi na ukun a kan hanyar da data ke yankewa, kuma me ka rasa idan ka jingina kashi na biyu da shi.

Daga ina labarin cunkoso yake fitowa?

Babu wani ma'aikaci da ke zaune a Wudil yana ƙirga motoci. Launukan da kake gani a Google Maps, kore da ruwan lemo da ja, daga wayoyin matafiya suke fitowa. Wayoyin da aka kunna musu nuna wuri suna aika saurin tafiyarsu zuwa kamfanin, shi kuma ya tattara. Idan wayoyi masu yawa a wani titi suna tafiyar hawainiya, sai a shafa masa ja. Wani mai fasaha a birnin Berlin na Jamus, Simon Weckert, ya zuba wayoyi 99 a cikin ɗan ƙaramin amalanke ya riƙa ja a kan titin da kusan babu kowa, sai ga taswira ta nuna titin ya cushe. Wannan ya isa ya nuna maka cewa manhajar wayoyi take ƙirgawa, ba ta ganin titi da idonta.

To ga inda gizo ke saƙar. Rashin sabis ɗin da ya hana wayarka karɓar labari, shi ne kuma ya hana wayoyin motocin da ke gabanka aika nasu. A tsakanin Potiskum da Damaturu, idan tirela ta faɗi ta tare hanya a wurin da data ba ta kamawa, motoci hamsin za su iya yin layi ba tare da labarin ya isa ga kamfanin a kan lokaci ba. Ko da ka tsaya a gari mai 4G ka duba, abin da za ka gani shi ne shuɗin layi sumul. Shuɗin layin nan ba shaida ba ce cewa hanya lafiya take. Ma'anarsa kawai manhajar ba ta da labarin wani jinkiri. Wannan bambanci shi ne ya fi ruɗar sababbin direbobi.

Waze, wanda Google ya saya a 2013, ya fi kowa rataya a kan wannan tsari. Ƙarfinsa shi ne direbobi da kansu suke danna rahoto: ga hatsari, ga rami, ga abin da ya tare hanya. Inda masu amfani da shi suke da yawa kuma data ke gudu, yana da daɗin aiki. Amma ba shi da tsarin sauke taswirar yanki a ajiye. Yana riƙe hanyar da ya zana maka tun farko, iyakarsa ke nan. A ganina, wanda zai yi doguwar tafiya a arewa maso gabas da Waze kaɗai ya ɗauki kayan aikin birni ya shiga da shi daji.

Ko inda labarin ya iso, launi ba ya faɗin dalili. Ja a kusa da gadar Wudil ranar Juma'a, duk ɗan hanya ya san kasuwar shanu ce ke ci, haƙuri kawai za a yi. Ja a Potiskum ranar Laraba ma haka. Ja a tsakiyar daji kuwa yana iya zama shingen bincike, ko gyaran hanya, ko abin da ya fi haka muni. Manhajar duka ɗaya take ɗaukarsu, kuma maganinta ɗaya ne: ta nemo maka wata hanya.

Lokacin da wayar ke cin amanar mai ita

Akwai wani abu da ke sa mutane sakankancewa. Idan ka fara tafiya daga Kano da data mai kyau, Google Maps yana riƙe hanyar da ya zana, kuma ko sabis ya ɗauke zai ci gaba da magana yana cewa ka miƙe ko ka juya. Sai direba ya ce ai ni ban taɓa sauke komai ba kuma tana kai ni. Gaskiya ne, tana kai shi muddin bai kauce daga layin ba.

Matsalar tana zuwa ne a ranar da aka kauce. Bayan Wudil hanya ta rabu, ɗaya ta nufi Gaya da Dutse, ɗaya ta nufi Birnin Kudu da Bauchi. A ce baƙo ya ɗauki wadda ba ita ba, ko kuma an karkatar da motoci saboda aiki. Nan take manhajar za ta so ta sake lissafin hanya, kuma idan babu taswira a cikin wayar, lissafin sai an aika tambaya zuwa kamfanin an jira amsa. Idan babu data, sai ka ga ɗan da'ira yana ta juyawa a allo. Haka ma idan wayar ta yi zafi a gaban gilashi ta kashe kanta, ko wani ya karɓa zai yi kira ya rufe manhajar bisa kuskure. Da an sake buɗewa, hanyar da aka riƙe ta tafi. Wato manhajar tana aiki a lokacin da ba ka cika buƙatarta ba, ta yi shiru a daidai lokacin da ka ɓace.

Abin mamaki, sabis mai rauni ya fi rashin sabis gaba ɗaya wahalarwa. Sandunan da ke saman allo ƙarfin siginar da ke tsakaninka da turke kawai suke nunawa, ba su ce data na wucewa ba. Za ka iya ganin sanduna huɗu da harafin E amma ko saƙo ɗaya ya ƙi tafiya, domin turken ya cika da jama'a, ko kuma wayar da ta haɗa shi da sauran duniya ta tsinke, abin da ke yawan faruwa a inda ake aikin hanya. A wannan hali wayar tana ganin kamar tana da intanet, sai ta yi ta jiran amsar da ba za ta zo ba, maimakon ta koma ga abin da ke cikinta. Batir kuma yana ta zuba, domin waya ta fi cin wuta idan tana fafutukar kama turke mai nisa.

Kada kuma a ɗauka rashin sabis sai a daji. A watan Mayu na 2013, bayan an kafa dokar ta-ɓaci, an katse layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa. A watan Satumba na 2021 an yi haka a jihar Zamfara baki ɗaya, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka shafe makonni. A watan Maris na 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka ji a jikinsu. A duk waɗannan lokuta taurarin GPS ba su daina aiki ba. Wanda ke da taswira a cikin wayarsa ya ci gaba da ganin hanya.

Yadda ake sauke ta

A Google Maps, ka danna hotonka da ke saman kusurwar dama, ka zaɓi "Offline maps", sannan "Select your own map". Wani akwati zai bayyana a kan taswirar. Ka ja shi ka daidaita shi a kan yankin da kake so, a ƙasa zai nuna maka yawan sararin da zai ci a wayar, sai ka danna "Download". Ka yi wannan a gida da daddare, inda data ke da ƙarfi, ba a bakin tasha da injin mota a kunne ba.

A nan akwai wani tarko da ya shafi hanyar Maiduguri musamman. Akwatin yana da iyakar girman da ba ya wucewa, kuma siffarsa ta bi siffar waya, dogo ne daga sama zuwa ƙasa, siriri daga gefe zuwa gefe. Ita kuwa wannan hanya daga yamma zuwa gabas ta kwanta. Akwati ɗaya ba zai rufe ta ba, sai biyu ko uku. Misali na farko ya ɗauko Kano zuwa bayan Azare, na biyu ya fara tun kafin Azare ya kai bayan Damaturu, na uku ya fara kafin Damaturu ya rufe Maiduguri da kewayenta. Ka lura kowanne yana hawa kan ɗan'uwansa. Dalili shi ne manhajar ba ta zana hanya ba tare da data ba sai dukkan hanyar tana cikin abin da aka sauke. Gibin kilomita goma a tsakiya ya isa ya ɓata lissafin duka.

Daga nan sai gwaji, wanda shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Kana zaune a ɗakinka, ka kashe data ka kashe Wi-Fi, ka rubuta sunan inda za ka, ka nemi hanya. Idan ta zana maka layi daga Kano har Maiduguri, aiki ya yi. Idan ta ce ba za ta iya ba, akwai gibi, sai ka koma ka toshe shi. Minti biyu ne wannan gwajin.

Ya kamata ka san abin da ka saya. Taswirar Google da aka sauke hanyar mota kawai take bayarwa, ban da ta ƙafa ko ta keke. Ba ta nuna cunkoso, ba ta jero maka hanyoyi biyu ko uku ka zaɓa. Tana kuma da ranar ƙarewa, wadda ke rubuce a ƙarƙashin sunanta. Manhajar tana ƙoƙarin sabunta ta da kanta idan ta samu Wi-Fi, amma mutanenmu da yawa wayarsu ba ta taɓa hawa Wi-Fi ba, don haka sai ka duba saitin ka ba ta izinin amfani da data, ko ka riƙa sabuntawa da hannu kafin kowace tafiya. Wanda kuma ya saba goge bayanan manhajoji don samun sarari ya sani cewa "Clear data" yana tafiya da taswirar da ya sauke.

Akwai wasu manhajojin da tun asali don aiki ba data aka gina su, irin su Organic Maps da OsmAnd. Su suna amfani da OpenStreetMap, taswirar da aka fara a Birtaniya a 2004, wadda 'yan sa-kai ke zanawa. A cikinsu ba ka fama da akwati, yanki guda ko ƙasa guda kake saukewa. Ingancinsu ya danganta da ko wani ya zauna ya zana wurin: wani ƙauyen za ka same shi da lungunansa fiye da yadda Google ya nuna, wani kuma sunan shago ko asibiti ba za ka samu ba. Ba su da labarin cunkoso irin na Google. Ni dai ina ganin amfanin ajiye ɗaya daga cikinsu a matsayin ta biyu, domin idan taswira biyu da ba tushensu ɗaya ba suka yarda a kan wata kwana, hankali ya fi kwanciya. Wanda zai tsallaka iyaka, daga Daura ta Kwangwalam zuwa Damagaram ko daga Jibiya zuwa Maraɗi, shi ne ya fi kowa buƙatarsu, domin layinsa na gida zai iya yin shiru ko ya koma cin kuɗi da tsada da zarar ya shiga Nijar.

Sai batun inda za ka sauka. Neman wuri da suna ba tare da data ba yana da rauni, ga kuma sunayen garuruwanmu da ake rubutawa iri-iri. Benisheikh kaɗai za ka gan shi da rubutu fiye da ɗaya. Idan mai masaukinka ya turo maka wurin gidansa ta WhatsApp, ka buɗe shi tun kana Kano, ka adana shi a cikin manhajar taswirar da sunan da za ka gane. Kada ka bari sai ka iso Bulumkutu da magariba kana jiran saƙo ya buɗe.

Ranar tafiya

A ce mutum ya tashi daga Hotoro. Kafin ya motsa, ya buɗe manhajar a waje da data a kunne ya bar ta ta kama wuri. Ko da yake GPS ba ya buƙatar data, data tana taimaka masa ya farka da sauri. Wayar sai ta san inda kowane tauraro yake kafin ta yi lissafi, kuma su taurarin a hankali suke faɗin wannan bayani, sai an saurare su wajen daƙiƙa 30 ba yankewa. Ta intanet kuwa nan take ake samunsa. Shi ya sa wayar da aka kunna a daji takan ɗauki minti ɗaya ko fiye kafin ɗigon ya tsaya. Idan ka ga ɗigon ya yi toka-toka ko an kewaye shi da faffaɗan da'ira, ba ta kama sosai ba tukuna. Ka ba ta lokaci, ka kuma tabbata yanayin tsimin batir a kashe yake, domin a wayoyi da yawa yana takura wa aikin nuna wuri.

A cikin Kano, labarin cunkoso ya cancanci kuɗinsa. Wayoyi sun yi yawa, data tana gudu, kuma akwai zaɓi na gaske: in wannan titi ya toshe, akwai wani mai kwalta da mutane da zai fitar da kai Mariri. Abin da tafiya da taswira ke ci na data kaɗan ne, 'yan megabait a sa'a, muddin ba ka kunna hoton tauraron ɗan'adam ba, wanda shi ne mai shanye data. Don haka tsadar data ba hujja ba ce ta kashe ta a cikin gari.

Da an wuce Wudil lissafi ya juya. Daga nan har Maiduguri, ta Shuwarin da Jama'are da Azare da Potiskum da Damagum da Damaturu, babbar hanya ɗaya ce. Ko an gaya maka akwai cunkoso a gaba, ina za ka bi? Labarin da ba zai sauya abin da za ka yi ba, ƙimarsa kaɗan ce. A nan ne ya dace mutum ya kashe data, ko ya kunna "Wi-Fi only" a cikin saitin Google Maps, wanda ke tilasta wa manhajar amfani da taswirar da aka sauke alhali sauran manhajoji suna ci gaba da aikinsu. Kashe data ya fi sa waya a yanayin jirgin sama, domin kira zai ci gaba da shigowa, kuma a wannan hanya kira yana da muhimmanci. In an tsaya shan mai ko salla a Azare ko Potiskum, sai a kunna data a leƙa ko akwai sabon abu, a sake kashewa.

Hanyar an daɗe ana aikin mayar da ita tagwaye, kuma a wurare akan tattara motoci duka a hannu ɗaya. Idan haka ta faru, manhajar takan ɗauka ka bi hannun da ba naka ba, ta yi ta cewa ka juya. Ka yi biris da ita, ka bi alamun da ke ƙasa.

Babban abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne batun yanke. Manhajar taswira, ko da data ko babu, mintoci take lissafawa. Idan ta ga wani layi da zai rage maka minti ashirin, za ta iya nuna maka shi, ba ruwanta da ko burji ne da damina ta cinye, ko yashi ne da sai mota mai ƙafa huɗu, ko kuma hanya ce da mutanen yankin da kansu suka daina bi. A daminar 2024 ambaliya ta yanke wani sashe na wannan babbar hanya a ƙaramar hukumar Katagum ta jihar Bauchi. Taswirar da aka sauke kafin ruwan ba ta da yadda za ta san haka, za ta ci gaba da nuna kwalta lafiyayya. Mai data kuma, ko ya samu labarin rufewar, hanyar da manhajar za ta zaɓa masa ba lallai ta zama wadda ruwan ya bari ba. Waɗanda suka san inda ake zagayawa a irin wannan rana su ne direbobin haya da 'yan kamasho a tasha. Matambayi ba ya ɓata, kuma mutumin da ya fito daga Maiduguri da safen nan ya fi kowace manhaja sabon labari.

Sai lokacin isowa da wayar ke rubutawa a ƙasan allo. Idan babu data, ƙiyasi ne daga irin titin da tsawonsa. Bai san shingayen bincike ba, bai san za ka tsaya cin abinci ba. Mu yi lissafin da kanmu. Daga Kano zuwa Damaturu ya kai wajen kilomita 420. Idan aka haɗa tsaye-tsaye da ramuka da ratsa kasuwanni, matsakaicin gudun kilomita 70 a sa'a ba laifi, wato sa'o'i shida. Wanda ya bar Kano da ƙarfe shida na safe zai shiga Damaturu wajen sha biyun rana, da sauran fiye da kilomita 130 a gabansa da wadataccen lokaci. Wanda ya yi jinkiri har ƙarfe goma, sai huɗu na yamma zai isa Damaturu. Wayarsa za ta gaya masa saura sa'o'i biyu, ya yi ta murna zai yi magariba a gida.

Abin da wayar ba za ta gaya masa ba shi ne cewa sashen Damaturu zuwa Maiduguri, ta Ngamdu da Benisheikh da Mainok da Jakana, shekaru da dama jami'an tsaro suna rufe shi da yamma, kuma lokacin rufewar yana sauyawa da yanayin tsaro. A watan Fabrairu na 2020, matafiyan da suka iso bayan an rufe ƙofar shiga Maiduguri suka kwana a garin Auno, aka kai musu hari cikin dare, aka kashe mutane kimanin 30. Allah Ya jiƙansu. Babu launin da ke nuna irin wannan a kan allo. Duk wanda lissafinsa ya nuna yamma za ta same shi a Damaturu, ya tambaya a tasha kafin ya wuce, in an ce lokaci ya ƙure ya nemi wurin kwana.

Da an shigo Maiduguri sai a sake kunna data, domin an dawo inda labarin cunkoso ke da amfani, kuma baƙo yana buƙatar a nuna masa lunguna.

Abu ɗaya ya rage, shi ne hannun da ke taɓa wayar. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kallon allo na daƙiƙa uku yana nufin ka yi tafiyar fiye da mita 80 ido a rufe, a hanyar da shanu da 'yan acaɓa ke tsallakawa ba sallama. Dokar hanya ta haramta amfani da waya ana tuƙi, kuma jami'an kiyaye haɗurra suna kamawa a kai. Ka kafa wayar a mariƙinta inda rana ba ta dukanta kai tsaye, ka jona ta da caja, ka ƙara murya. Kunna data da kashe ta aikin wanda ke zaune a gefenka ne, in kuma kai kaɗai ne sai ka tsaya.

Hukuncina a kan wannan hanya da ire-irenta shi ne taswirar da aka sauke wajibi ce, labarin cunkoso kuwa ƙari ne da ke da amfani a cikin Kano da cikin Maiduguri, ba a tsakaninsu ba. In kana da tafiya a makon nan, ka sauke akwatunan nan a daren yau, ka kashe data ka gwada su, gobe kuma ka biya ta tasha ka tambayi halin hanya kafin ka ɗauki titi.